Yadi Ya Makara, Me Za a Rubuta wa Dila?

Ga telan da ya karɓi kwangilar ɗinka kayan makaranta a Kano, Agusta wata ne na zullumi, domin a Satumba ɗalibai ke komawa aji. A ɗauki misalin wanda ya yi odar bandir 40 na farin yadi daga wani dila a Legas, ya biya rabin kuɗi, aka yi alkawarin kaya za su sauka ranar 5 ga Agusta. Yau 19 ga wata, shiru kake ji.

Imel ɗin da ya fara rubutawa layi biyu ne: "Ashe ku mayaudara ne? Kullum gobe, gobe. Ku turo min kayana ko kuɗina, in ba haka ba za ku gani!"

Ransa ya yi sanyi, amma saƙon bai ɗaure dilan da komai ba. Babu lambar oda, sai akawu ya sha lalube kafin ya gane mai maganar. Babu wa'adi, saboda haka "gobe" tana nan daram. Kalmar "mayaudara" kuma ta ba dilan mafita: zai tsaya kare mutuncinsa, a mance da yadi.

Akwai wani haɗarin. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan kwamfuta a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗa. In rigima ta kai gaban alƙali, "za ku gani" na iya zama barazana a bakin lauyan dila.

Da aka gyara, a layin take aka sa lambar oda da kalmomin "jinkirin kwana 14". Sannan:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Mun biya rabin kuɗin bandir 40 bisa alkawarin isowarsu ranar 5 ga Agusta. Ga rasit a haɗe. Har yau ba su iso ba, ga shi makaranta na jiran kayanta kafin a koma hutu. Muna buƙatar lambar motar da aka yi wa lodi da ta direba kafin ƙarfe 12 na rana gobe. Idan kayan ba su sauka ba zuwa 24 ga wata, za mu soke odar, mu nemi kuɗinmu, mu sayi yadi a Kantin Kwari. Na gode."

Wannan ya fi na farko tsauri, ko da yake babu zagi a ciki. Neman lambar mota gwaji ne: dilan da ya yi lodi zai turo ta nan take, wanda bai yi ba zai fara kame-kame.

Sai dai kafin telan ya ambaci soke oda, ya kamata ya duba abin da yarjejeniyarsu ta ce game da mayar da kuɗi, ya kuma leƙa Kwari ya tabbatar akwai irin yadin, a farashin da kwangilar za ta iya ɗauka.