Wasiƙar Malamin da ke Neman Kujerar Shugaban Makaranta

Malamin da ya shekara 15 riƙe da alli yakan cika wasiƙarsa ta neman shugabancin makaranta da labarin aji. Nan kuskuren yake. Masu tantancewa sun san ya iya koyarwa; abin da suke nema shi ne shaidar zai iya riƙe mutane, kuɗi da takardu.

A sakin layi na farko, ya faɗi muƙamin da yake nema, shekarun aikinsa, takardar digirinsa da lambar rajistarsa ta TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya.

Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar. Maimakon "ni mai ƙwazo ne", ya rubuta misali: "Na shekara 4 ina jami'in jarrabawa. Na yi wa ɗalibai 180 rajistar NECO, ba sunan da ya ɓace." Wannan magana ce da za a iya bincikawa. Kada ya ƙara gishiri, domin za a tambayi shugabansa na yanzu.

Na uku, ya ambaci matsala ɗaya ta makarantar, kamar makarar ɗalibai, da yadda zai magance ta tare da iyaye.

Malam, shafi ɗaya ya isa. Ka sa hannu da kwanan wata.