Ajiyar Dala a Douala: Yadda Ake Karanta Jadawalin Farashi Kafin Saye

Farashin dalar Amurka a Douala ba a Douala ake yanke shi ba. Sefar da ake biyan albashi da ita a Kamaru, wadda bankin BEAC da ke Yaoundé yake fitarwa domin ƙasashe shida na ƙungiyar CEMAC, ɗaure take da yuro. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 yuro ɗaya yake daidai da sefa 655.957, kuma wannan adadi bai motsa ba. Saboda haka duk hawa da saukar da ma'aikaci a New Bell yake gani a jadawalin dala da sefa a wayarsa, hawa da saukar dala ne a gaban yuro.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba 655.957 da adadin dalar da yuro ɗaya yake saye. Idan yuro yana sayen dala 1.20, dala ɗaya ta kama sefa 547. Idan ya faɗo zuwa dala 1.00, dala ta kama sefa 656. Wannan ya sa jadawalin USD/XAF da na EUR/USD suke tafiya a juye, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Wanda yake neman dala da araha, layin USD/XAF yake so ya gani a ƙasa. Wanda ya rikita jadawalan biyu zai saya a daidai lokacin da ya kamata ya dakata.

A nan ne halin ma'aikacin Douala ya bambanta da na ɗan'uwansa na Kano. Hausawan New Bell suna jin labarin kasuwar canji ta Wapa, da yadda dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ɓoye dala a can ya tsira da dukiyarsa. A yankin sefa kuwa dala tana tafiya ta dawo. A Yulin 2008, da yuro ya kai kusan dala 1.60, dala ta sauko wajen sefa 410. A Janairun 2021 tana wajen 540. A Satumban 2022 ta haura 680, lokacin da babban bankin Amurka yake ɗaga kuɗin ruwa da sauri, yaƙin Ukraine kuma ya jefa Turai cikin tsadar makamashi. A Yulin 2025 ta koma wajen 560. Wanda tsoro ya kama a Satumban 2022 ya sayi dala 1,000 a kan sefa 683,000, a Yulin 2025 abin da yake riƙe da shi bai wuce sefa 560,000 ba. Ya yi asarar sefa 123,000 alhali ko dala ɗaya bai kashe ba.

Abu na farko da ake dubawa a jadawali shi ne tsawon lokacin da yake nunawa. Yawancin manhajoji suna buɗewa da kwana ɗaya ko wata ɗaya, kuma suna miƙe layin ya cika fuskar waya, har motsin sefa uku ya yi kama da gangaren dutse. Sai an karanta lambobin da ke gefe ake gane girman motsin. Mai ajiya maɓallin 5Y yake bukata, wato shekara biyar. Daga nan ya nemo farashi mafi tsada da mafi araha, ya ga inda na yau ya faɗa a tsakaninsu. Idan ƙasa 540 ce, sama 680, tsakiya 610 ke nan. Farashin 565 yana kusa da ƙasa, na 660 yana kusa da sama. Iyakar abin da jadawali yake iya faɗa ke nan. Ba ya faɗin gobe, kuma babu abin da zai hana dala ta fasa ƙasan da ta tsaya a baya, kamar yadda 410 ta 2008 ta nuna.

Abu na biyu shi ne cewa lambar da ke jadawali farashin tsakiya ce ta manyan bankuna, ba a sayar wa kowa a kanta. Ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa. A ɗauka, a matsayin misali, jadawali yana nuna 560, ɗan canji a Akwa yana sayarwa 585, yana saye 550. Ma'aikaci ya kai sefa 117,000 ya karɓi dala 200. Da zai mayar da su a ranar, sefa 110,000 zai karɓa, 7,000 sun tafi. Kafin ya dawo da uwar kuɗinsa sai farashin sayen ɗan canji ya kai 585, wato jadawali ya hau zuwa wajen 595, ƙarin fiye da kashi shida cikin ɗari. Jiran mako biyu domin dala ta sauka da sefa huɗu ba ya kai amfanin zagaya 'yan canji uku a yi ciniki. Haka kuma wanda kuɗinsa zai bukace su kafin shekara, na makarantar yara a Satumba ko na ragon layya, tazarar nan kaɗai ta isa ta cinye abin da yake fatan samu.

Tunda albashi wata-wata yake zuwa, hanyar da ta fi dacewa da mai shi ita ce ya ware adadi ɗaya na sefa ya riƙa saye a kai a kai. Wanda yake ware 60,000, ya saya a 600, sannan 640, sannan 560, zai sami dala 100, da kusan 94, da 107. Jimla dala 301 a kan sefa 180,000, kowace ta tsaya masa a 598. Kuɗin da kansu suke sayen kaɗan a lokacin tsada, da yawa a lokacin araha. Aikin jadawali a nan shi ne ya nuna masa watan da zai ƙara idan layi yana kusa da ƙasa, da watan da zai rage idan yana kusa da sama.

Akwai kuma batun doka da na takardar kanta. Dokar canjin kuɗi ta CEMAC da aka sa hannu a Disamban 2018, ta fara aiki a Maris ɗin 2019, ta hana buɗe asusun kuɗin waje ga mazauna yankin sai da izinin BEAC, ta kuma keɓe sana'ar canji ga masu lasisi, irin su bankuna da ofisoshin canji. Don haka ajiyar ƙaramin ma'aikaci takan zama tsabar kuɗi a gida, inda take fuskantar ɓarawo, gobara da danshin Douala mai lalata takarda. 'Yan canji sukan rage farashin tsofaffin takardu, masu tabo, da ƙanana. Wadda ta fi karɓuwa ita ce ta dala 100 mai shuɗin zare a tsakiya, da aka fitar a Oktoban 2013. Saye a wuri mai lasisi yana ba da rasit, yana rage haɗarin jabu. A fiƙihu ma sharaɗin canjin kuɗi shi ne a yi shi hannu da hannu a zama ɗaya.

Kafin duk wannan, sai mai ajiya ya san dalilin ajiyarsa. Idan abin da zai biya da dala ake ƙididdige shi, kamar kaya daga Dubai ko Guangzhou, ko guzurin aikin Hajji tunda riyal ɗaure yake da dala a kan 3.75, tara dala yana kulle masa farashi, saukarta ba ta cutar da shi. Idan kuwa tsoronsa a sake karya darajar sefa ne kamar a Janairun 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya, yuro yana ba da wannan kariya ba tare da hawa da saukar jadawali ba. Wanda albashinsa da hayarsa da cefanensa duk da sefa ne, dala ba za ta zame masa mafaka ba sai ya saya a rabin ƙasa na jadawalin shekara biyar, da kuɗin da zai iya bari su kwana shekaru.