Saura Sati Nawa da Kwana Nawa? Yadda Uwar Amarya Za Ta Riƙa Lissafin Ranar Biki

  Yau maganarmu a kan lissafi ce, amma ba irin na 'yan makaranta ba, kada wata ta ce bari in tashi in duba tukunya. Lissafin da kowace uwa take yi ne daga ranar da aka sa wa ɗiyarta rana har zuwa ranar da za a kai ta ɗakinta.

Abin da ya jawo maganar shi ne labarin wata baiwar Allah daga Badarawa, can ƙasar Shinkafi. A shekarar 2025 aka kawo kuɗin sa ranar ɗiyarta, ranar Litinin 10 ga Fabrairu. Iyaye maza suka tsayar da ɗaurin aure ranar Juma'a ta biyu bayan Ƙaramar Salla, wadda ta faɗo 11 ga Afrilu. Duk wadda ta shigo yi mata murna ta tambayi yaushe ne bikin, sai ta ce, "Ai da saura, sai nan da wata biyu." Gaskiya ta faɗa, wata biyun ne. Sai dai kalmar wata biyu tana da sa mutum ya miƙe ƙafa, domin wata ba ya ƙarewa a idon mutum sai ya zo ƙarshe. Sati kuwa kowa yana ganin wucewarsa. Shi ya sa nake so mu koyi mayar da watanni zuwa sati da kwanaki.

Ga yadda ake yi. Da farko ki nemo jimillar kwanakin, kuma kashi uku ne za ki haɗa. Kashi na ɗaya, kwanakin da suka rage a watan da kike ciki. Fabrairun 2025 kwana 28 ne, ana 10 ga wata, saura 18 ke nan. Kashi na biyu, watannin da suke tsakani, waɗanda za a cinye su gaba ɗaya. A nan Maris ne kaɗai, kwanansa 31. Kashi na uku, kwanan watan ranar bikin kansa, wato 11. Ki haɗa 18 da 31 da 11, ya ba ki kwana 60. Abin da za ki riƙe game da watannin boko shi ne, Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba kwana 30 suke yi, sauran 31, ban da Fabrairu mai 28, wanda yakan yi 29 sau ɗaya a shekara huɗu, kamar a 2024 da 2028.

To, yanzu sai ki riƙa cire bakwai-bakwai daga cikin 60 ɗin. Bakwai sau takwas 56 ne, saura 4. Ashe wata biyun nan sati 8 ne da kwana 4.

Akwai wurin da mata da yawa suke tuntuɓe, wato ko za a sa yau a cikin lissafi. Ba a sa ta. Ku tuna yadda muke yi da suna: jaririn da aka haifa ranar Litinin, ranar Litinin ta sama ake raɗa masa suna, kuma kwana bakwai muke cewa ya yi. Kwanan da aka kwana ake ƙirgawa, ranar haihuwar ba ta ciki. Haka nan a nan, gobe ce ɗaya, jibi biyu, gata uku, citta huɗu. Wannan kuma shi zai ba ki hanyar gane ko kin yi daidai. Lissafinmu ya ce ragowar kwana 4 ne. Ki ƙirga da yatsu daga Litinin: Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Ya faɗa kan Juma'a, ranar ɗaurin aure, lissafi ya yi. Da a ce ya faɗa kan Alhamis ko Asabar, to kin yi kuskuren kwana ɗaya, ko dai kin sa yau a ciki, ko kin ba wani wata kwanan da ba nasa ba.

Sauran aikin shi ne sabunta lissafin kullum, domin lissafin jiya ba ya yi wa yau amfani. Wadda ta iya rubutu ta samu bangon littafi ta raba gida biyu, sati a gefe, kwana a gefe. Wadda ba ta yi boko ba, ba a bar ta a baya ba. Ki samu ɗan gwangwani mai murfi, ki zuba ƙwallon dabino 8, su ne satuttuka, da ƙwayar wake 4, su ne kwanaki. Kowace safiya ki cire wake ɗaya. Talata saura dabino 8 da wake 3, Laraba 2, Alhamis 1, ranar Juma'a 14 ga Fabrairu wake ya ƙare, saura sati 8 cif. Ranar Asabar fa, tunda babu waken da za a cire? Sai ki yi canji, kamar yadda ake canza Naira ɗari. Ki fitar da dabino ɗaya, ki zuba wake bakwai a madadinsa, sannan ki cire ɗaya na ranar. Ya zama sati 7 da kwana 6. Nan ne ake yawan ɓata lissafi, wata ta cire dabinon ta manta ba ta zuba wake ba, sai ta tsorata kanta a banza, wata kuma ta zuba waken ta bar dabinon, ta ƙara wa kanta satin da babu shi.

Idan hidima ta sha kanki kika yi kwana biyu ba ki taɓa gwangwanin ba, ko yara suka yi wasa da shi, gyaran ba wuya. Ki tambayi kanki, daga yau zuwa Juma'a mai zuwa kwana nawa ne? Yawan waken ke nan. Kuma duk ranar Juma'a dole gwangwanin ya zama babu wake ko ɗaya. In kin ga saura, an yi tsallake. Yawan dabinon kuwa sai ki sa a duba miki kalanda a ƙirga Juma'o'in da suka rage bayan wannan mai zuwa.

Ki kuma tsayar da lokaci guda na cirewa, ni dai na fi son bayan sallar asuba. Dalili shi ne, a lissafinmu na Musulunci dare ne yake riga rana, da an yi magariba kwanan wata ya juya, shi ya sa daren Juma'a yake nufin daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. A lissafin boko kuwa sai sha biyun dare. Wadda take cirewa yau da safe gobe da dare, wata rana za ta cire sau biyu ba ta sani ba.

Wannan ya kawo mu ga watanninmu na Musulunci, domin a garuruwanmu da su aka fi sa rana. Matsalarsu ita ce babu mai ce miki wata zai yi 29 ko 30 sai an duba, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa. Azumin 2024 kwana 30 aka yi, aka yi Salla ranar Laraba 10 ga Afrilu. Na 2025 kuwa 29 aka yi, aka fara ranar Asabar 1 ga Maris, aka yi Salla ranar Lahadi 30 ga Maris. Ranar bikin da muke magana ta yi daidai da 13 ga Shawwal. To da a ce iyaye cewa suka yi "13 ga watan Ƙaramar Salla" kawai, a ranar da aka ɗauki azumi amsa biyu gare ki: kwana 41 in azumi ya yi 29, wato Juma'a, ko kwana 42 in ya cika 30, wato Asabar. Don haka in maigida ya shigo da labarin rana, ki ce, "Malam, wace rana ce a cikin sati, kuma nawa ga watan boko?" In ba a samu wannan ba, ki yi shiri da ƙaramin lissafin, in wata ya cika kin samu ribar kwana ɗaya.

Yanzu mu koma ga baiwar Allahn nan ta Badarawa, mu ga abin da lissafin ya nuna mata. Ƙanwarta ce ta zaunar da ita ta ce, "Yaya, ke fa ba ranar ɗaurin aure za ki ƙirga ba, ranar jere za ki ƙirga." An shirya yin jere ranar Laraba 9 ga Afrilu. Kafinta kuma ya ce gado da kujeru sai ya samu sati shida daga ranar da aka ba shi kafin alƙalami. Suka koma baya da Laraba shida daga 9 ga Afrilu, sai ga su a Laraba 26 ga Fabrairu. Daga ranar sa rana zuwa nan kwana 16 ne kacal, sati 2 da kwana 2.

Kuɗin kafintan kuwa a jikin awakinta suke, kuma kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci. Tsakanin sa rana da ɗaurin aure akwai Alhamis tara, amma biyu ne kawai suka riga ranar kafinta, ta 13 da ta 20 ga Fabrairu. Huɗu daga cikin sauran a cikin azumi suke, lokacin da teloli suke fama da ɗinkin Salla, ta ƙarshen kuma jajibirin ɗaurin aure ce, ba ranar sayayya ba. Matar da take cewa wata biyu, ashe kasuwa biyu gare ta. A ta farkon ta aika da awakin, ba ta jira ta biyu ba, domin mu mutanen wannan yanki mun san ba kowace Alhamis hanya take biyuwa ba, kuma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro. Atamfofin amarya ma kafin azumi ta kai wa tela.

Iyayen 'yan makaranta masu shirin WAEC ko NECO, gwangwanin nan zai yi muku aiki. Abu ɗaya za ku kula da shi, ba ranar da aka ce za a fara jarrabawar a ƙasa za ku ƙirga ba, ranar takardar farko ta ɗiyarku ce, kamar yadda take a jadawalin da makaranta ta ba su. In ta raba yawan babin da suka rage mata da yawan dabinon da ke cikin gwangwani, za ta san babi nawa ya kamata ta gama kowane sati.

Lokaci ya ƙure mana. Wadda aka sa wa ɗiyarta rana, gobe bayan asuba ta nemo dabino da wake, ta tambayi kafinta da tela sati nawa suke so. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, ya ba yaranmu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Sai rana ita yau idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.