Yadda Ake Tunin Bashi Ba Tare da An Ɓata Ciniki Ba

A ce mai buga takardu ne a Kano. Ya buga wa wata makarantar kuɗi littattafan rubutu 2,000, ya kai kaya, ya miƙa takardar neman biya ta naira 600,000, wadda 'yan ofis ke kira inbois. Aka ce masa mako 2. Yau mako 6, shiru, babu alat. Kunya ta hana shi magana, ga mai takarda yana binsa.

Kafin ya zargi kowa, ya fara duba nasa ɓangaren. Lambar asusun da ya rubuta daidai take? Wa ya karɓi takardar, kuma ya sa hannu? Sau da yawa a ofis ba ƙin biya aka yi ba. Takardar ce ta kwanta a teburin wanda ya yi odar, ba ta kai ga akanta ba, ko kuma tana jiran sa hannun mai makaranta da ya yi tafiya. Don haka aikin saƙon farko shi ne gano inda ta maƙale.

Ga yadda zai rubuta:

"Assalamu alaikum, Malam. Barka da aiki, ya ɗalibai? Ina tuni ne kan takardarmu mai lamba 47, ta naira 600,000, kuɗin littattafan da muka kawo ranar 3 ga Satumba. Wa'adin biya ya cika ranar 17, har yanzu ba mu ga shigowarsu ba. Ga hoton takardar na sake turowa. Ko akwai abin da ya rage daga wajenmu? Idan babu, wace rana za mu sa rai? Na gode, Allah ya bar zumunci."

Tambayar ƙarshen nan ita ce ƙashin bayan saƙon. Wanda aka ce wa "a taimaka a duba" zai amsa da "in sha Allah" ya wuce. Wanda aka tambayi rana kuwa, sai ya faɗi rana ko ya faɗi matsala, kuma amsar da ya bayar ce za ta nuna abin da ake ciki. Mai niyyar biya yakan ce "Alhamis", ko ya nemi a raba kuɗin gida biyu. Wanda kullum ke cewa "ana kai" ba tare da rana ba, a daina ba shi sabon kaya bashi.

A ganina babban kuskure shi ne cika saƙo da ban haƙuri da lissafa matsalolin gida. Haƙƙinka kake nema, kuma da zarar ka mai da shi roƙo, sai a biya ka lokacin da aka ga dama. Gori da habaici a sitatus ma ba sa kawo ko sisi.

Idan mako guda ya wuce ba amsa, ka kira waya ko ka je da ƙafarka. Duk abin da kuka tsayar da baki, ka sake rubuta shi a saƙo a ranar, ka ajiye hotonsa.