Yadda Fetur Ya Rushe Dalar Gyaɗa

A shekarun 1960, dalar gyaɗa ta Kano da kokon Yamma da manjan Gabas ne ke kawo wa Nijeriya kuɗin waje. Da farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, kuɗi suka kwararo, naira ta yi ƙarfi, shinkafar waje ta yi araha. Gyaɗar manomi kuwa ta yi wa masu saye a Turai tsada, ga fari, ga cuta, sai matasa suka ajiye fartanya suka nufi birni.

Abin takaici, rijiyar mai ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa.

Da farashin ya faɗi a shekarun 1980, gwamnati ta rasa kuɗin shigo da kayan gyaran injuna, masaƙun Kaduna suka fara rage ma'aikata.