Saƙon Farko Bayan An Ɓata da Ɗan'uwa

Rigimar 'yan ɗaki ɗaya ta fi ta bare ciwo, domin kowa ya san inda zai taɓa ɗan'uwansa ya ji zafi. A ce Inna na kwance a asibiti, ana ta hidimar magani, sai ƙanwa ta dubi yayanta a gaban matarsa ta ce, “Ai tun da ka yi aure ka manta da mu.” Shi kuma ya ce mata ba ta taɓa kawo ko sisi ba sai baki. Aka watse. Yau kwana biyu ke nan ko gaisuwa babu.

Kowa ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ya kuma fifita wanda ya fara yin sallama. A al'ada ma ƙarami ake sa ran ya fara sauke kai. To, ƙanwar nan ta ɗauki waya. Me za ta rubuta?

Yawancin mutane a nan suke ɓata rawarsu da tsalle, domin sukan ɗora wa saƙon farko nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Sai a zayyano tarihin rigimar tun daga rasuwar Baba, a lissafa wanda ya biya kuɗin ɗinki da wanda ya yi jinya, sannan a rufe da “Allah ya ba ka haƙuri.” Wanda ya karanta wannan ba haƙuri zai ji ba, sabuwar ƙara zai ji an shigar, kuma zai zauna ya shirya amsa. Aikin saƙon farko ɗaya ne: ya buɗe ƙofar magana. Ga yadda nata zai iya kasancewa:

“Assalamu alaikum Yaya. Ina wuni, ya iyali? Maganar da na faɗa maka ranar Talata a gaban Anti, cewa ka manta da mu, ban kyauta ba, kuma ba gaskiya ba ce. Don Allah ka yafe mini. In ka ba ni dama zan shigo ranar Juma'a da yamma in gaishe ku.”

A lura, ta ambaci ainihin kalmar da ta faɗa, har da wurin da ta faɗe ta. Wannan shi ne gishirin saƙon. Abin da ya fi ƙona wa yayan rai ba kuɗi ba ne, zubar masa da girma ne a gaban matarsa, kuma yana so ya san ta gane hakan. Da ta rubuta “idan na ɓata maka rai,” da ta nuna kamar ba ta san me ta yi ba. Da ta ƙara “amma kai ma,” da duk abin da ya gabata ya rushe. Maganar da shi ya yaɓa mata tana nan, ba ta ɓace ba, sai dai ranar tayar da ita daban ce, bayan an zauna an sha ruwa. Haka ma in rigimar ta gado ce: neman gafara a kan baƙar magana ba yafe haƙƙi ba ne, kada a haɗa su a saƙo ɗaya.

Ta tura masa shi kaɗai, ba a zauren dangi na WhatsApp ba, inda gwaggo da kawu za su shigo da nasu sharhin, shi kuma ya ga kamar an ƙure shi ne a bainar jama'a. Kada kuma ta fake da hoton “Barka da Juma'a” da ake turawa kowa da kowa. Wannan ba ya kashe gaba. Saƙon murya yana da daɗi saboda ana jin nadama a cikinsa, amma mai ɓacin rai yakan zarce, ga shi ana iya kunna shi a gaban mutane. In za a yi, kada ya wuce minti ɗaya.

Idan babban ne ya fara, galibi ba ya buƙatar dogon bayani. “Ƙanwata, abin da na faɗa miki cikin fushi ne, ki yi haƙuri, ki zo gida” ya isa ya sa ta hawaye.

Sai amsa. “Ba komai” tsurarta ba lallai ta zama yafiya ba, sau da yawa kunya ce kawai. Amma in ya ce “Ya jikin Inna yau?” ko “Sai kin zo,” to ƙofa ta buɗe. In kuma ya karanta ya yi shiru, kada ta bi shi da saƙo kan saƙo, ko ta koma habaici a shafinta. Ta bar shi ya huce zuwa Juma'ar da ta ambata, sannan ta taka da ƙafarta. In ya ƙi ganinta, lokaci ya yi da za a sa babba a ciki, wanda duk su biyun suke jin nauyinsa, ba Innar da ke kwance ba.