Takardar Neman Gyaran Kayan Aiki a Asibiti: Yadda Sashe Ke Sanar da Hukuma Haɗarin da Majinyata Ke Ciki

Takardar neman gyara wasiƙa ce ta cikin gida da shugaban wani sashe na asibiti ke aika wa hukumar gudanarwa idan na'ura ta lalace. Ma'aikata kan kira ta memo. A asibitocin gwamnati na Nijeriya da Turanci ake rubuta ta, a Nijar kuwa da Faransanci, amma abin da ake so ta ƙunsa ɗaya ne: wace na'ura ce ta lalace, tun yaushe, wane hali rashinta ya jefa majinyata, kuma me ake son hukuma ta yi kafin wace rana. Ba ta cika wuce shafi ɗaya ba.

Lalacewar kayan aiki ba baƙon abu ba ne a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A shekarar 2011 masu bincike biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, Perry da Malkin, sun tattara bayanan na'urori fiye da 100,000 a irin waɗannan ƙasashe, suka tarar kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Ma'anar wannan ga mai rubuta takarda ita ce tasa ba ita kaɗai ce a kan teburin shugaban asibiti ba. Ɗakin tiyata na kukan fitila, ɗakin gwaje-gwaje na kukan firiji, ga kuɗin man janareto, kuɗin da ke hannu kuma ba zai ishi kowa ba. Takardar da ta nuna haɗarin da hujja ita ake fara dubawa.

Takardar tana bin matakan ofis. Shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin ita ce yawanci ke fara lura da matsalar, ta rubuta a littafin rahoto, ta kira injiniyan kayan asibiti ya duba. Daga nan shugaban sashe ya rubuta wa babban daraktan asibiti. A asibitocin koyarwa takan ratsa ta ofishin shugaban kwamitin ba da shawara kan aikin likitanci, a manyan asibitocin jiha kuma, idan kuɗin ya fi ƙarfin asibitin, sai a miƙa ta ga hukumar kula da asibitoci ta jihar. Tsallake mataki yakan jawo a dawo da ita a ce ta biyo hanya, an yi asarar kwanaki ke nan.

A ɗauki misalin ɗakin gaggawa na yara a wani babban asibiti, inda ake da na'urori uku na tace iskar oksijin. Wannan na'ura tana zuƙar iskar ɗaki, wadda oksijin ɗin cikinta kashi 21 ne cikin 100, ta matsa ta cikin wasu bututu biyu cike da ƙwayoyin ma'adinin ziyolait. Ma'adinin yana riƙe naitirojin, ya bar oksijin mai tsabtar kashi 90 zuwa 95 ya fita. Kowace ɗaya daga cikin ukun lita 5 take bayarwa a minti. Ta farko lafiyarta ƙalau. Ta biyu ta ƙi tashi tun daren da wutar lantarki ta dawo da ƙarfi. Ta uku tana ruri, ƙwallon ma'auninta na tashi, ruwan kwalbarta na kumfa, amma yaran da aka saka mata ba sa samun sauƙi.

Ta ukun nan ita ta fi haɗari, kuma a kanta ne takardu da yawa ke yin kuskure. Na'urar da ta mutu kowa ya san ta mutu, ba wanda zai dogara da ita. Wadda ke ruri kuwa tana iya zama iskar ɗaki kawai take hurawa, ko abin da bai fi ta sosai ba, domin ƙura da danshi sun kashe ma'adinin. A ƙasar da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura, matatar da ba a wanke ta duk mako tana saurin toshewa, daga nan lalacewa ta shiga ciki. Ido ba ya gane wannan, kumfar ruwa ma ba shaida ba ce, tunda kowace iska tana sa ruwa kumfa. Hanyar tabbatarwa ita ce injiniya ya ɗora ma'aunin tsabtar oksijin a bakin na'urar, bayan ta yi 'yan mintoci tana aiki, a kan mafi yawan litar da take bayarwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ita ce kada tsabtar ta yi ƙasa da kashi 82. Idan ma'auni ya nuna 60, to wannan lambar da ranar da aka auna su ne za su shiga takarda. Jimlar “na'urar ba ta aiki yadda ya kamata” ba ta gaya wa hukuma komai.

Saboda haka sashen farko na takardar bayani ne tsagwaronsa: sunan na'ura da samfurinta, lambar jikinta, lambar da asibiti ya yi mata a rajistar kaya, shekarar da ta zo, ranar da ta lalace, da abin da injiniya ya gano. Lambar jiki tana da amfani na zahiri, domin da ita ake sanin ko garanti bai ƙare ba, da ita kuma ake odar kayan gyaran da suka dace. Rahoton injiniya ana maƙala shi a baya.

Sashe na biyu, na tasiri a kan lafiyar majinyata, shi ne ke sa a ɗauki mataki ko a jinginar da fayil. Akwai hanyoyi biyu na ɓata shi. Ɗaya ita ce rubutu mai sanyi, kamar a ce rashin na'urar yana kawo cikas ga aiki. Ɗaya kuma ita ce kururuwa, a ce yara suna ta mutuwa ba tare da ko lamba ɗaya ba, abin da kan sa hukuma ta koma kare kanta maimakon neman gyara. Abin da ke aiki shi ne lissafi da za a iya dubawa a littafin ɗaki. A misalin nan, a ce a makonni biyun da suka wuce yara shida ne a kowane dare ke buƙatar oksijin, galibi masu ciwon nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro oksijin idan ma'aunin yatsa ya nuna ƙasa da kashi 90, kuma jariri ɗan ƙasa da shekara yakan buƙaci lita 1 zuwa 2 a minti ta siririn bututun hanci. Idan aka ƙaddara lita ɗaya da rabi ga kowane yaro, shida suna buƙatar lita 9. Na'urar da ta rage 5 take bayarwa. Giɓin lita 4 ne a minti, wato a kowane lokaci yara biyu ko uku ba su da tabbacin iska.

Daga nan takardar ta faɗi abin da giɓin ke haifarwa a aikace: ma'aikatan jinya suna cire bututu daga hancin wani yaro su saka wa wanda ya fi jigata, an tura yara kaza wani asibiti cikin dare a motar da ba ta da oksijin, kuma idan na'urar ɗaya tilo ta tsaya babu abin da za a koma gare shi. Ta kuma faɗi illar a taƙaice, domin mai karatu yana iya zama akanta ko sakataren asibiti, ba likita ba: ƙarancin oksijin a jini yana iya lalata ƙwaƙwalwar yaro ko ya kashe shi. Inda ake son hujja daga waje, akwai binciken da Trevor Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 kan asibitocin Papua New Guinea, wanda ya nuna haɗarin mutuwar yara masu nimoniya ya ragu da kashi 35 bayan an inganta samar da oksijin da ma'aunin yatsa. Layi ɗaya ya isa. Sunan majinyaci kuwa ba ya shiga, domin takardar za ta ratsa hannun masinja, akawu da ma'aikatan sito, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci. Adadi ya wadatar.

Ya kamata a ambaci matakan wucin gadi da sashen ya ɗauka: an cire na'ura ta uku daga gefen gado an liƙa mata takardar gargaɗi, an aro tukunyar oksijin daga ɗakin tiyata. Akwai tarko a nan, domin da zarar hukuma ta ji ana lallaɓawa sai ta ɗauka matsalar ta kau. Maganinsa shi ne a nuna tsadar lallaɓawar. Giɓin lita 4 a minti ya kama lita 5,760 a kwana. Babbar tukunya tana ɗaukar kimanin lita 6,800, ke nan ba ta wuce awa 28, ko da babu yoyo. A wata ana buƙatar tukunya 25 ko fiye, ban da kuɗin dako. Idan aka ajiye kuɗin cika su kusa da kuɗin gyara, akanta zai ga cewa jinkirin ma kashe kuɗi ne.

Sai sashen buƙata, inda ake zaɓa tsakanin gyara da sauyi. Na'ura ta uku gyara take so: sababbin bututun ma'adini da matata, abin da bai kai rabin kuɗin sabuwa ba. Ta biyu kuwa kwamfaresa da allon lantarkinta sun ƙone, ta tsufa, kuma masu ƙera ta sun daina yin kayan gyaranta. Injiniyoyi da yawa suna bin ƙiyasin cewa idan gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa, ko na'ura ta riƙa komawa hannun mai gyara kan matsala ɗaya, sauyawa ya fi. Wannan ƙiyasi ne ba doka ba, kuma bambancin yana da tasiri a kan lokaci: ƙaramin gyara shugaban asibiti yana iya amincewa da shi nan take, sayen sabuwa kuma sai ya bi ƙa'idojin sayen kayan gwamnati, waɗanda a matakin tarayya dokar 2007 ta tsara, da neman farashi daga 'yan kasuwa daban-daban. Shi ya sa ake raba buƙatar gida biyu, kowace da ranarta: gyaran ta uku cikin mako guda, sayen madadin ta biyu cikin wata. A haɗa da na'urar daidaita wuta, tunda hauhawar lantarki ce ta kashe ta biyun, kuma ita za ta kashe sabuwar idan aka jona ta a soket ɗin nan yadda yake.

Bayan sa hannu, ana kai kwafi biyu ofishin karɓar wasiƙu, a buga hatimi da kwanan wata a kan na sashe. Wannan kwafi shi ne shaidar cewa an sanar da hukuma, kuma shi kwamitin bincike zai fara nema idan wani abu ya faru da majinyaci. Idan ranar da aka sa ta wuce shiru, sai a aika tunatarwa mai ɗauke da lambar takardar farko da sababbin alƙaluma. Ranar da na'urar ta dawo daga gyara, injiniya zai sake auna tsabtar iskarta a gaban shugabar ma'aikatan jinya, a rubuta sakamakon a katin na'urar, sannan a sa hannu a takardar karɓa a mayar da ita gefen gado.